Wanda Ya Miƙe Ya Ce Lafiya Ƙalau: Bugun Kai A Labaranmu Da Yadda Yake A Zahiri



Akwai wata fitowa da kusan kowannenmu ya taɓa rubutawa, ko ya karanta, ko ya kalla. A maka wa jarumi gora a ƙeya, ya zube sumamme. Bayan awa uku ya farka a ɗaure a wani kango, ya ɗan shafa kansa, ya kwance igiya, ya tsallake katanga. Ko kuma mota ta buge jaruma, ta farfaɗo a gadon asibiti ta manta sunanta da mijinta da garinsu, a yi shafi ɗari biyu ana neman mafita, sai wata rana ta zame a banɗaki kanta ya sake buguwa, komai ya dawo mata tsaf.

Mun saba da wannan har mun daina ganinsa. Ra'ayinmu a yau shi ne lokaci ya yi da za mu ajiye shi, domin abin da yake koya wa mai karatu kishiyar gaskiya ne. Yana koya masa cewa suma ce ma'aunin munin bugun kai, cewa wanda ya miƙe ya warke, kuma bugu na biyu na iya zama magani. Duk ukun kuskure ne, na ukun ma yana iya kai mutum kushewa. Mai karatunmu shi ne dai wanda gobe zai tsaya a kan ƙaninsa da ya faɗo daga babur, kuma da abin da ya saba gani zai yanke hukunci.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin kai.

Ƙwaƙwalwa ba ta da tauri. Taushinta ya fi kama da na awara tun kafin a soya, kuma tana zaune ne cikin wani ɗan ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya tsaya cak ba shiri, ko ya juya da ƙarfi kamar yadda naushi a haɓa ke juya shi, ƙoƙon ya kan riga ƙwaƙwalwar tsayawa. Sai ita ta ci gaba da tafiya, ta matsu, ta murɗu, siraran zaruruwan da ke kai saƙo daga wani sashe zuwa wani su miƙe fiye da ƙima. Wannan shi ne abin da za mu kira jijjigar ƙwaƙwalwa. A lura, ba dole sai kan ne ya bugu ba. Wanda aka banka a ƙirji ko kafaɗa har kansa ya fizgu, shi ma yana iya samunta.

Abin da ke biyo baya matsalar makamashi ce. Kowace ƙwayar jijiya tana aiki ne ta hanyar riƙe sinadarin fotasiyam a cikinta, tana tsare sodiyam da kalsiyam a waje. Da zarar fatar ƙwayar ta miƙe, sai ƙofofi su buɗe: fotasiyam ya kwarara waje, su kuma waɗancan su kutso ciki, ƙwayoyi masu yawa su harba saƙo lokaci guda ba tsari. Domin mayar da komai mazauninsa, ƙananan famfunan da ke jikin ƙwayar sai sun yi aiki ba ƙaƙƙautawa, kuma man da suke sha shi ne sukarin da jini ke kawowa. To a daidai wannan lokaci jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya kan ragu, kalsiyam ɗin da ya shiga kuma yana dagula wa ƙwayar wurin da take sarrafa makamashi. Wasu masu bincike biyu a jami'ar California da ke Los Angeles, Christopher Giza da David Hovda, sun shimfiɗa wannan jerin sauye-sauye a wani rubutu da suka fitar a 2001, wanda har yau ake komawa gare shi.

Ku ɗauka ƙaramin janareto ne aka jona masa firiji da dutsen guga da injin markaɗe, a daidai lokacin da bututun mai ya toshe rabi. Bai ƙone ba, amma yana ta tari, ƙwai na dishi-dishi. Haka ƙwaƙwalwa ke zama na tsawon kwanaki, wani lokaci makonni. Daga nan ne ciwon kai, da jiri, da nauyin tunani, da ƙin haske da hayaniya, da saurin fushi ko kuka suke fitowa.

Wannan bayani yana warware mana abu biyu. Na farko, dalilin da ya sa hoton ƙwaƙwalwa na siti-sikan ke fitowa lafiya lau ga mai jijjigar ƙwaƙwalwa. Hoton yana neman jini ne da tsagewar ƙashi da kumburi, ba ya ganin ƙwayar da mai ya yanke mata. Don haka idan likita ya ce hoto bai nuna komai ba, ma'anarsa babu zubar jini, kuma albishir ne babba, amma ba ya nufin gobe a koma fili. Na biyu, dalilin da ya sa suma ba ma'auni ba ce. A cikin 'yan wasan da ke samun wannan rauni, waɗanda ke suma ba su fi ɗaya cikin goma ba. Sauran a tsaye suke, suna magana, wasu ma suna gardama cewa a bar su su ci gaba.

Masu bin ƙwallo za su tuna wasan ƙarshe na cin Kofin Duniya a 2014, tsakanin Jamus da Ajantina a filin Maracanã. Tun farkon wasan kafaɗar Ezequiel Garay ta bugi kan ɗan wasan Jamus Christoph Kramer. Ya faɗi, aka duba shi, ya koma fili, ya ƙara buga kusan minti 14. Alƙalin wasan, Nicola Rizzoli, ya bayyana daga baya cewa Kramer ya zo yana tambayarsa ko wannan ne wasan ƙarshe. Sai a wajen minti na 31 aka fitar da shi yana tangaɗi, kuma shi da kansa ya ce ba ya tuna yawancin abin da ya faru a zagayen farko. Mutum ne da ke gudu, yana karɓar ƙwallo yana bayarwa a gaban duniya, alhali bai san wasan da yake bugawa ba.

Wannan ita ce mantuwa ta gaskiya, kuma ta sha bamban da tamu ta littafi. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta jijjiga ba ya manta sunansa ko fuskar mahaifiyarsa. Abin da ke ɓace masa shi ne 'yan mintuna ko awanni da ke gefen bugun, gaba da baya. Sau da yawa sabon abu ne ba ya zama masa: ya tambayi abin da ya faru, a gaya masa, bayan minti biyu ya sake tambaya da murya iri ɗaya, kamar ba a taɓa ba shi amsa ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai wannan hali ya san ya fi mantuwar suna ban tsoro.

Yanzu bari mu yi abin da muka iya, mu ƙirƙiri mutum mu bi shi. Mu kira shi Sani, ɗan shekara 19, ɗalibi ne, kuma shi ne golan ƙungiyar unguwarsu. Ranar Asabar da la'asar an bugo kwana, ya fito zai kama, kansa ya haɗu da na ɗan gaban abokan karawa. Ya faɗi, ya yi daƙiƙa kaɗan a ƙasa riƙe da kai, ya miƙe yana layi. Bai suma ba. 'Yan kallo na ihu a watsa masa ruwa ya koma raga.

A nan ne shawara mafi muhimmanci take, kuma ba ta buƙatar likita. Wanda ya yi jinkirin tashi, ko ya tashi yana tangaɗi, ko idonsa ya tsaya ba ya kallon komai, a fitar da shi. Ana iya yi masa tambayoyi masu sauƙi: wane fili muke, zagaye na nawa ake, wa ya ci ƙwallon ƙarshe, da wa kuka buga a makon jiya. Idan ya kuskure ko ɗaya, magana ta ƙare. Idan ma ya amsa duka amma ana shakka, a fitar da shi, domin alamomi na iya ɓoyewa sai bayan awanni, ko washegari. Ƙa'idar da likitocin wasanni suka yi ittifaƙi a kai ita ce wanda ake zargin ya samu wannan rauni ba ya komawa wasa a wannan rana. Kuma ba Sani ne zai yanke hukuncin ba, tunda abin da zai yi tunanin da shi ne ya bugu.

Da a ce ya suma, da an ƙara kula da wuyansa. Ba a ɗaga shi cak a ruga da shi kai na reto, ba a jijjiga shi, ba a ɗura masa ruwa a baki, domin yana iya shaƙewa. A riƙe kai da wuya a miƙe daidai da jiki, a duba numfashi, a nemi hanyar kai shi asibiti.

An kawo Sani gida. Daren farko shi ne daren sa ido, kuma abin da ake tsoro a cikinsa ba jijjigar ba ce kanta, zubar jini ne a cikin ƙoƙon kai. Akwai wata jijiyar jini da ke bi ta ƙarƙashin ƙashin da ke gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashin ya fi siranta. Idan ta tsage, jini na taruwa a hankali tsakanin ƙashi da rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba da wuri, don haka ƙwaƙwalwa ce ke matsewa. Abin da ke yaudarar mutane shi ne kafin jinin ya taru, mutum na iya yin awa ɗaya ko fiye yana hira yana dariya.

Haka ya faru da 'yar fim ɗin Birtaniya Natasha Richardson a watan Maris na 2009. Ta faɗi tana koyon wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a Mont Tremblant da ke Kanada, ta miƙe tana magana, ta ce ba ta buƙatar likita. Daga baya ciwon kai mai tsanani ya taso mata. Bayan kwana biyu ta rasu a New York tana da shekara 45, bincike ya nuna irin wannan taruwar jini ce. Rauni ne da tiyata ke magancewa idan an kai mutum da wuri.

Don haka dole wani babba ya zauna tare da Sani na tsawon awa 24 na farko, yana lura da waɗannan: ciwon kai da ke ƙaruwa maimakon raguwa, amai fiye da sau ɗaya, barcin da ake tashinsa da ƙyar, ruɗewa da ke daɗa yawa, maganar da ke harɗewa, gani biyu-biyu, mutuwar hannu ko ƙafa, jijjiga irin ta farfaɗiya, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, jini ko wani farin ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko ciwon wuya mai tsanani. Ko ɗaya aka gani daga ciki, a tafi babban asibiti nan take, ko da ƙarfe biyun dare ne. Ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa a kemis. Tsoho da ya wuce shekara 65, da mai shan maganin tsinka jini, da jariri, su a kai su ko babu alama ko ɗaya.

Mun san abin da wasu za su ce: na'urar hoton nan ba kowane gari ke da ita ba, inda take kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Gaskiya ne. Amma wannan shi ne ma dalilin sanin alamomin. Yawancin masu jijjigar ƙwaƙwalwa ba sa buƙatar hoto ko kaɗan, duban ma'aikacin lafiya ya wadatar. Jerin da muka kawo shi ne ke bambance wanda zai kwana a gida da wanda ya cancanci a sayar da akuya a ɗauki shatar mota.

Sai maganar barci. An daɗe ana cewa kada a bar wanda ya bugu a kai ya yi barci. Barci ba ya cutar da ƙwaƙwalwar da ta jijjiga, hasali ma tana buƙatarsa. Abin tsoron shi ne a ɗauki dogon suma a matsayin barci. Saboda haka idan an sa masa ido na 'yan awanni yana cikin hayyacinsa, ba amai, ba ƙaruwar ciwo, a bar shi ya kwanta, mai jinya na leƙa shi yana duba numfashi da yadda yake motsi. Idan wani abu ya ba da shakka, a tashe shi a ga ko zai farka ya gane mutane. Ciwon kai kuwa farasitamol ya isa. A guji asfirin da danginsa a ranar farko saboda suna hana jini daskarewa. Tiramadol da maganin barci da duk wani abu mai sa maye, a nisance su, domin suna rufe alamomin da ake gadi.

Gari ya waye, Sani ya tsallake siraɗin farko. Kansa na ciwo, hasken rana na damunsa, kuma ya yi wa ƙanwarsa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Me ya rage? Shekarun baya ana cewa a rufe mutum a ɗaki mai duhu har sai ya warke sarai. An bar wannan. Babban taron masana kan wannan rauni da aka yi a Amsterdam a 2022 ya tsaya a kan hutu na awa 24 zuwa 48 kawai, shi ma ba kwanciya magashiyan ba. Ya yi wanka, ya ci abinci da 'yan gida, ya ɗan taka a tsakar gida. Abin da zai rage sosai a kwana biyun nan shi ne kallon waya da talabijin. Mu da ke rubuta babi guda da babban yatsa a kan waya cikin dare, wannan sharaɗi namu ne idan abin ya same mu. Doguwar kwanciya a duhu kuwa tana jinkirta warkewa, tana ƙara damuwa da rashin barci.

Daga nan sai hawa tsani, kuma ga ma'aunin da zai riƙe. Kafin ya fara wani aiki, ya auna ciwon da yake ji daga sifili zuwa goma. A ce yana kan 3. Ya fita tafiya ta minti 15. Idan ciwon ya hau zuwa 4 ko 5, ya kuma sauka cikin awa ɗaya, babu laifi, gobe ya ɗan ƙara. Idan ya haura da fiye da maki biyu, ko ya ƙi sauka bayan awa guda, ya tsaya, gobe ya sake gwada wannan matakin ba tare da ƙari ba. Haka zai yi da karatu: minti 10 zuwa 15 ya huta, sannan rabin yini a makaranta, sannan cikakken yini. Jarrabawa a ɗaga masa ita idan da hali. Makaranta ce ke fara daidaita kafin a yi maganar komawa gasa.

Matakan komawa wasa shida ne, kowanne yana ɗaukar aƙalla awa 24. Na farko harkokin gida marasa nauyi. Na biyu tafiya da sauri, daga baya sassarfa. Na uku atisaye shi kaɗai, gudu da sarrafa ƙwallo, nesa da duk abin da zai bugi kansa. A nan akwai ƙofa: ba ya wuce mataki na uku sai alamomi sun ɗauke gaba ɗaya, har bayan ya motsa jiki, kuma ma'aikacin lafiya ya duba shi ya amince. Na huɗu atisaye da 'yan ƙungiya ba tare da karo ba. Na biyar cikakken atisaye har da karo. Na shida gasa.

A labarinmu, ranar Laraba Sani ya ji sauƙi, sai ya yi gudu zagaye biyar a filin makaranta. Ciwon ya tashi daga 1 zuwa 5, ya kwana da shi. Bai lalata komai ba, amma jikinsa ya gaya masa ya yi gaggawa, sai ya koma tafiya da sauri na kwana biyu. Haka warkewar take, gaba biyu baya ɗaya. Yawancin mutane na samun sauƙi cikin mako biyu zuwa huɗu, yara da matasa su ne suka fi ɗaukar lokaci. A Birtaniya, ƙa'idar da aka fitar a 2023 domin wasannin unguwa da makarantu, inda babu likitan ƙungiya, ta ce kada a koma gasa kafin kwana 21. Muna ganin wannan lissafi ya dace da filayenmu, tunda mu ma ba mu da likita a bakin layi. Idan kuma alamomi suka wuce mako huɗu, a koma asibiti, domin sau da yawa matsalar na fitowa daga wuya, ko sashen kunne mai kula da daidaiton jiki, ko motsin ido, ko rashin barci, kuma kowanne akwai yadda ake magance shi.

Amma ga inda labarin ke da zafi. Ranar Asabar ta gaba ƙungiyar su Sani na da wasan kusa da na ƙarshe, kuma ba su da wani gola. Koci ya zo har gida ya ce, "Sani, kai fa namiji ne, ɗan ciwon kai ne zai hana ka tsare mana raga?" Abokai na cewa ya ji tsoro. Shi kansa yana so.

Mu koma ga janareton nan. Ƙwaƙwalwar da ba ta gama biyan bashin makamashi ba tana da rauni ta fuska biyu. Mai ita ya fi jinkirin kaucewa, don haka ya fi saurin sake buguwa. Kuma bugun da bai kai na farko ƙarfi ba yana iya yin ɓarnar da ta fi ta farko, ya tsawaita jinya daga makonni zuwa watanni. A wasu lokuta ƙalilan, galibi ga matasa, ƙwaƙwalwar kan kumbura cikin mintuna ta yadda ba a iya shawo kanta. Rowan Stringer, ɗaliba 'yar shekara 17 mai wasan zari-ruga a Ottawa ta Kanada, ta rasu a watan Mayu na 2013 ta wannan hanya. Ta bugu a kai sau biyu cikin mako guda, tana fama da ciwon kai, ta gaya wa ƙawayenta ta saƙon waya amma ba ta gaya wa iyaye ko koci ba, saboda tana son buga wasa na gaba. A wannan wasan ta sake buguwa, ba ta ƙara farfaɗowa ba. A 2018 lardin Ontario ya kafa doka da sunanta, wadda ta wajabta fitar da duk matashin ɗan wasan da ake zargi da wannan rauni.

Wannan shi ne bugu na biyu a zahiri, wanda mu muka mayar da shi maganin mantuwa a littattafanmu.

Ba ƙwallo kaɗai abin ya shafa ba. Ɗan damben da aka kayar ya miƙe idonsa na juyawa, kalangu na zuga shi ya koma. Ɗan acaɓan da ya faɗi ya kakkaɓe riga ya ɗauki fasinja na gaba, alhali bai kamata ya tuƙa komai ba a awa 24 na farko, har sai jiri da nauyin kai sun sake shi. Hular kwano tana kare ƙoƙon kai daga fashewa, tana ceton rai, kowa ya sa ta, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki. Wanda ya faɗi da hula a kansa shi ma a sa masa ido. Haka matar da aka gwara wa kai da bango, da yaron da ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya ɓoye don tsoron duka.

Wani zai ce labari ai labari ne, ba darasin asibiti ba, mai karatu ya san ƙirƙira ce. Mun yarda ba aikinmu ba ne mu cika littafi da sunayen sinadarai. Amma mai karatu yana gane ƙirƙira ne a inda ya san gaskiyar. Idan muka sa doki ya yi magana, ya san wasa ne. Idan muka sa mutum ya yi awa uku a sume ya tashi garau, bai da abin da zai gwada da shi, sai ya ajiye a matsayin sani. Alhali wanda ya wuce minti 30 a sume ya fita daga sahun ƙaramin rauni, kuma mai awa uku ba katanga zai tsallake ba, rai ake ƙoƙarin ceto masa.

Kuma ba mu yi asarar komai ba idan muka rubuta gaskiya. Uwar da ke zaune bakin katifa ƙarfe ukun dare, tana haska fitilar waya tana ƙirga numfashin ɗanta, tana tunanin amai na biyu da ya yi da kuɗin motar da babu, ta fi jarumin kango riƙe mai karatu. Miji da ke maimaita tambaya ɗaya sau bakwai, matar na amsawa tana ɓoye hawaye, fitowa ce da ba mu taɓa gajiyar da ita ba. Sani a tsaye tsakanin koci da ciwon kansa, ranar Juma'a da dare, rikici ne da ya ishi babi guda.

Saboda haka ga abin da muke roƙon junanmu. Idan muka bugi kan wani a labari, mu bar bugun ya biyo shi zuwa babi na gaba: ya ji jiri, haske ya dame shi, ya kasa haɗa lissafin da ya saba. Idan ya suma, mu taƙaita suman, ko kuma mu biya farashinsa. Mu bar wani a cikin labarin ya ce a fitar da shi daga fili, kuma kada mu mayar da mai faɗin haka matsoraci. Bugu na biyu kuwa, mu daina warkar da kowa da shi.

Wanda ke da irin wannan fitowa a rubutun da yake kan yi, ya ɗauko ta ya sake dubawa, ya ajiye mana tsohuwar da sabuwar a ƙasa mu tattauna. Mu haɗu a mako mai zuwa.